Ƙuri'a Ɗaya, Ƙidaya Iri-iri: Canki-canka a Kan Tsarin Zaɓe

Ɗalibin kimiyyar siyasa da ke aji ɗaya ko aji biyu a jami'a yakan haddace sunayen tsarin zaɓe tsaf, ya jero maka su kamar karatun allo. Amma ka ba shi ƙuri'u dubu ɗari da kujeru biyar ka ce ya raba, sai ka ga ya tsaya yana tauna biro. A nan ne jarrabawa take kayar da mutane, domin tsarin zaɓe ba komai ba ne illa ƙa'idar da ake bi a mayar da ƙuri'u su zama kujeru. Mutanen da suka fito zaɓe su ne dai, abin da suka dangwala shi ne dai, amma da zarar an sauya ƙa'idar ƙidaya, wanda za a rantsar yakan sauya.

Ga tambayoyi bakwai irin na canki-canka. Ku rufe amsar da tafin hannu, ku zaɓa tukuna, sannan ku karanta bayanin. Inda kuka ga 'yan takara masu suna ɗaya tilo, ko jam'iyyu masu sunan hatsi, misali ne kawai aka ƙirƙira don lissafi. Sauran kuwa zaɓuɓɓuka ne da aka yi a zahiri.

Tambaya ta 1. A wata mazaɓa ta ɗan majalisar wakilai a Najeriya an kaɗa ƙuri'u 100,000. Larai ta sami 38,000, Tanko 33,000, Audu 29,000. Me baturen zaɓe zai yi?

A. Ya ce a tafi zagaye na biyu tsakanin Larai da Tanko
B. Ya bayyana Larai a matsayin wadda ta ci
C. Ya soke zaɓen tunda ba wanda ya kai rabi
D. Ya raba wa'adin kujerar tsakanin na ɗaya da na biyu

Amsa ita ce B. Wannan shi ne tsarin rinjaye mai sauƙi: kujera ɗaya a kowace mazaɓa, wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ɗauka, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Da shi ake zaɓen 'yan majalisar wakilai 360 da sanatoci 109 a Najeriya, haka ma majalisun Birtaniya da Indiya da Kanada da Ghana. Wanda ya zaɓi A ko C ya ɗauka dole sai an haura rabi, alhali tsarin bai nemi haka ba. Mutum 62,000 ba su zaɓi Larai ba, amma ita ce wakiliyarsu.

Idan abin ya maimaitu a mazaɓu ɗaruruwa, sai giɓin ya fito fili. A zaɓen Birtaniya na 2024 jam'iyyar Labour ta sami kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, ta kwashe fiye da kujeru 400 daga cikin 650. Jam'iyyar Reform ta sami kusan kashi 14, ta tashi da kujeru biyar kacal. Ita kuwa Liberal Democrats, da kusan kashi 12, ƙasa da na Reform ke nan, ta sami kujeru 72. Ba maguɗi aka yi ba. Ƙuri'un Reform sun warwatsu ne a faɗin ƙasa, nan ta zo ta biyu, can ta uku, su kuwa na Liberal Democrats sun taru a wuraren da za su iya kai ta ga nasara. A wannan tsari, inda ƙuri'arka take ya kusa kai yawanta muhimmanci.

Tambaya ta 2. Wanne ne sharaɗin cin zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya a zagayen farko, idan 'yan takara sun wuce biyu?

A. Fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa
B. Ƙuri'u mafi yawa kawai
C. Ƙuri'u mafi yawa, tare da aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja
D. Cin jihohi mafi yawa

Amsa ita ce C, kuma sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi haka. Mutane da yawa sukan faɗa tarkon A. A 2023 Bola Tinubu ya ci da kusan kashi 37 cikin ɗari, Atiku Abubakar na da kusan 29, Peter Obi kusan 25, Rabi'u Kwankwaso kusan 6. Ba wanda ya ƙyalla ido ya ga rabi, kuma doka ba ta nema ba. Abin da ta nema shi ne bazuwa: kada mutum ya tara ƙuri'un yankinsu kaɗai ya hau mulkin ƙasar da ta taɓa yin yaƙin basasa.

Wannan sharaɗi ya fara aiki ne a 1979, kuma a gwajinsa na farko ya haifi shari'ar da har yau ake karantawa a ajin lauyoyi. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'a, Cif Obafemi Awolowo na UPN na biye da shi. Shagari ya sami rubu'in ƙuri'u a jihohi 12. A ta goma sha uku, wato Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi kaka-gida, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikakke ba, 19.94 ne. To nawa ne kashi biyu bisa uku na 19? Lissafi ya ce 12 da biyu bisa uku. Ɓangaren Awolowo suka ce jiha ba ta gutsuruwa, don haka a cike ta zama 13, Shagari bai cika sharaɗi ba, a tafi mataki na gaba. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, a ɗauki jihohi 12 cikakku, sannan biyu bisa uku na jiha ta goma sha uku. Rubu'in kashi biyu bisa uku kuwa ɗaya bisa shida ne, kimanin kashi 16.7 cikin ɗari, kuma Shagari ya haura haka a Kano. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta bayyana shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Satumba na shekarar, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan uwansa. Yanzu da jihohi suka zama 36 wannan rigima ta mutu, tunda biyu bisa uku 24 ne cif. Sai dai wata ta taso a 2023 a kan ko dole ne a sami kashi 25 a Abuja ita kaɗai, kotu ta ce a lissafa Abuja tamkar jiha ta 37.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Zaɓen cike giɓi, wanda 'yan siyasa ke kira inkwankulusib, irin wanda aka yi a zaɓen gwamnan Kano a watan Maris na 2019, ba shi ne zagaye na biyu ba. Ana yinsa ne idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba. A waɗannan rumfuna kaɗai ake sakewa, duk 'yan takara na nan a takarda, a ƙara sakamakon a kan na baya. Zagaye na biyu kuwa sabon zaɓe ne a ko'ina, tsakanin mutum biyu, ƙidaya daga sifili. Tsarin mulkin Najeriya ya tanade shi, amma ba a taɓa kai wa gare shi ba a zaɓen shugaban ƙasa.

Tambaya ta 3. A tsarin zagaye biyu, wanda ya zo na ɗaya a zagayen farko:

A. Dole shi ne zai ci a ƙarshe
B. Ana ƙara masa ƙuri'unsa na farko a kan na biyu
C. Yana iya faɗuwa a zagaye na biyu
D. Shi yake zaɓar abokin karawarsa

Amsa ita ce C, kuma ba sai an je nesa neman hujja ba. A zaɓen Nijar na 1993 Tandja Mamadou na MNSD ya zo na ɗaya a zagayen farko da kusan kashi 34, Mahamane Ousmane na CDS-Rahama na biye da kusan kashi 27. Mahamadou Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye, waɗanda suka zo na uku da na huɗu, suna cikin ƙawance ɗaya da Ousmane, suka mara masa baya. A zagaye na biyu Ousmane ya ci da kusan kashi 54. Haka aka yi a Ghana a 2008: Nana Akufo-Addo ya haura kashi 49 a zagayen farko, saura ƙiris, amma John Atta Mills ne ya ci a na biyu da tazara siririya.

Da a ce tsarin tambaya ta 1 aka yi amfani da shi, da Tandja ya zama shugaban Nijar tun 1993. Makonnin da ke tsakanin zagayen biyu su ne kasuwar ciniki, inda wanda ya zo na uku yakan fi kowa tsada. Tsarin yana da nasa rauni. A Faransa a 2002 'yan takarar ɓangaren hagu sun yi yawa suka raba ƙuri'unsu, Lionel Jospin ya zo na uku da ƙasa da maki ɗaya a bayan Jean-Marie Le Pen, aka fitar da shi. Magoya bayansa suka rasa tudun dafawa, suka zaɓi abokin hamayyarsu Jacques Chirac, ya ci da kashi 82.

Tambaya ta 4. A koma ga Larai da Tanko da Audu, amma a wannan karo kowane mai zaɓe ya rubuta 1, 2, 3 a gaban sunaye gwargwadon fifikonsa. Daga cikin masu son Audu, 20,000 sun sa Tanko a na biyu, 9,000 sun sa Larai. Wa ya ci?

A. Larai
B. Tanko
C. Audu
D. Ba wanda ya ci

Tanko ne, wato B. Wannan shi ne tsarin jeranta fifiko, wanda Ostireliya ke zaɓen majalisar wakilanta da shi tun 1918. Idan ba wanda ya haura rabi, a cire na ƙarshe, a duba zaɓi na biyu a takardunsa, a miƙa kowace ga mai ita. Tanko ya zama yana da 53,000, Larai 47,000. Zagaye na biyu ne aka yi a rana ɗaya ba tare da an sake fitowa layi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara zaɓi na biyu na kowa da kowa. Takardun wanda aka cire kaɗai ake taɓawa. Masu son Larai, zaɓinsu na biyu ba wanda zai ko kalla muddin tana cikin takara.

Tambaya ta 5. Wata jiha tana da kujeru biyar da za a raba gwargwadon ƙuri'a, da dabarar D'Hondt. Jam'iyyar Gero ta sami 47,000, Dawa 29,000, Masara 14,000, Wake 10,000. Yaya rabon zai kasance, bi da bi?

A. 2, 1, 1, 1
B. 3, 2, 0, 0
C. 5, 0, 0, 0
D. 2, 2, 1, 0

Wannan ita ce tambayar da ke raba mai hadda da mai fahimta, don haka bari mu bi ta a hankali. A tsarin wakilci gwargwadon ƙuri'a, mazaɓa tana da kujeru da yawa, kowace jam'iyya ta miƙa jerin sunayen 'yan takararta, mai zaɓe ya zaɓi jam'iyya, a ba kowacce kujeru daidai da ƙarfinta. Matsalar ita ce kujera ba ta rabuwa gida biyu. Kashi 47 na kujeru biyar shi ne 2.35, to ina za a kai ɓurɓushin? Victor D'Hondt, masanin shari'a ɗan Beljiyam, ya kawo dabara, ƙasarsa ta ɗauka a 1899. A raba ƙuri'un kowace jam'iyya da 1, da 2, da 3, haka dai, sannan a tsinci lambobin da suka fi girma har su kai yawan kujeru.

Gero ta ba da 47,000, sai 23,500, sai 15,667, sai 11,750. Dawa ta ba da 29,000, sai 14,500, sai 9,667. Masara 14,000, sai 7,000. Wake 10,000. Yanzu a tsinta. Kujera ta farko ta Gero ce da 47,000, ta biyu ta Dawa da 29,000, ta uku ta Gero da 23,500, ta huɗu ma ta Gero da 15,667. Ta biyar ce abin kallo: 14,500 na Dawa da 14,000 na Masara. Dawa ta ɗauke da ratar 500. Amsa ita ce B.

Wanda ya zaɓi A bai yi shirme ba, wata dabarar ya bi, wadda ake kira ta ragowa mafi girma. A can ana fara yanke wa kujera farashi: 100,000 a raba biyar, kowace kujera 20,000. Gero ta sayi biyu, saura 7,000 a hannunta. Dawa ta sayi ɗaya, saura 9,000. Masara da Wake ba su iya sayen ko ɗaya ba, don haka 14,000 da 10,000 ɗinsu duk ragowa ne. Kujeru biyu da suka rage sai a ba masu ragowa mafi girma, su ne Masara da Wake. Ku duba da kyau: ƙuri'un ba su sauya ba, duka biyun kuma wakilci gwargwadon ƙuri'a ne, amma a ɗaya Gero na da rinjaye ita kaɗai, a ɗaya kuwa sai ta nemi ƙawance. D'Hondt tana karkata ga manya, ragowa mafi girma tana tausaya wa ƙanana.

Akwai abin da ya fi dabarar ma tasiri, shi ne yawan kujerun mazaɓa. A mayar da kujerun goma, a bar D'Hondt ɗin yadda take, za ku ga Gero ta sami biyar, Dawa uku, Masara ɗaya, Wake ɗaya, wanda ya yi kusa ƙwarai da kashi 47 da 29 da 14 da 10. Ku gwada da kanku, kujera ta goma za ta faɗa wa Gero da 9,400. Shi ya sa ƙasar Holan, wadda ke raba kujeru 150 a matsayin mazaɓa ɗaya, take cike da ƙananan jam'iyyu duk da cewa da D'Hondt take rabon. A Afirka ta Kudu ma, inda majalisa ke da kujeru 400, ANC ta sami kusan kashi 40 a 2024, ta tashi da kujeru 159, dole ta shiga gwamnatin haɗaka.

Tambaya ta 6. A zaɓen Turkiyya na 2002, jam'iyyar AKP ta sami kusan kashi 34 na ƙuri'u amma ta ɗauki kujeru 363 daga cikin 550, duk da cewa rabon gwargwadon ƙuri'a ake yi. Me ya fi jawo haka?

A. Kujerun kyauta da ake ba wanda ya zo na ɗaya
B. Shingen kashi 10 cikin ɗari
C. Zagaye na biyu
D. Ƙauracewar 'yan adawa

B ce. Shinge shi ne mafi ƙarancin kason da jam'iyya za ta samu kafin a sa ta cikin rabo. Na Jamus kashi 5 ne, na Isra'ila 3.25. Na Turkiyya a lokacin 10 ne, kuma jam'iyyu biyu kaɗai suka tsallake, AKP da CHP. Ƙuri'un da suka kusa rabin na ƙasar suka tafi ba wakilin jam'iyya, har da na jam'iyyun da ke cikin gwamnati a lokacin. A 2022 an rage shingen zuwa kashi 7.

Tambaya ta 7. Wata majalisa tana da kujeru 120: 80 na mazaɓu, 40 na jerin sunaye. Jam'iyya ta sami kashi 40 na ƙuri'un jam'iyyu, ta kuma ci mazaɓu 45. Kujeru nawa za ta samu gaba ɗaya idan tsarin gauraye ne mai cike giɓi, kuma nawa idan gauraye ne na kowa-tasa?

A. 48 da 61
B. 61 da 48
C. 45 da 45
D. 61 da 61

Amsa ita ce A. Duka tsarin biyu suna haɗa ɗan majalisar mazaɓa da na jerin sunaye, takardar zaɓensu ma takan yi kama, shi ya sa ɗalibai ke cakuɗa su. Bambancin yana wajen ƙidaya. A mai cike giɓi, irin na Jamus da Niyu Zilan, ana fara tambayar kujeru nawa jam'iyya ta cancanta a dukan majalisa. Kashi 40 na 120 shi ne 48. Ta riga ta ci 45 a mazaɓu, sai a cika mata uku daga jerin sunaye. A na kowa-tasa, irin na Japan, ɓangarorin biyu ba ruwan wani da wani: ta riƙe 45 ɗinta, ta kuma karɓi kashi 40 na kujeru 40, wato 16, jimla 61. Da ƙuri'u iri ɗaya, a can tana neman abokan ƙawance, a nan ta kafa gwamnati ita kaɗai da rinjayen kujera ɗaya.

Ba haka kawai na ɗauko 80 da 40 ba, fasalin majalisar Lesotho ne. A 1998, ƙarƙashin rinjaye mai sauƙi, jam'iyyar LCD ta sami kusan kashi 60 na ƙuri'u ta kwashe kujeru 79 cikin 80. 'Yan adawa suka tayar da ƙayar baya, sojojin Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga, aka ƙone sassa na Maseru, babban birnin ƙasar. Sulhun da aka yi ne ya kawo tsarin cike giɓi, aka fara amfani da shi a 2002, ƙananan jam'iyyu suka sami shiga majalisa.

'Yan siyasa ba su daɗe ba suka gano kafar tsarin. Tunda yawan cin mazaɓu yana rage kason jerin sunaye, a zaɓen 2007 sai LCD ta tsaya a mazaɓu da sunanta, ta ce wa magoya bayanta su ba ƙaramar ƙawarta NIP ƙuri'ar jam'iyya. Babbar jam'iyyar adawa, ABC, ita ma ta yi irin haka da tata ƙawar. A takarda NIP ba ta da mazaɓun da za a cire mata, don haka ta karɓi kujerun cike giɓi masu yawa, tsarin ya koma na kowa-tasa ta bayan gida. Maganin da aka yi shi ne haɗe ƙuri'un biyu su zama ɗaya: wanda ka zaɓa a mazaɓa, jam'iyyarsa ce ka zaɓa a rabon jerin sunaye. Da wannan gyara aka yi zaɓen 2012, ba jam'iyyar da ta sami rinjaye, Thomas Thabane na ABC ya zama firaminista a gwamnatin haɗaka.